Yadda ake gwada ƙiyasin lokaci da ainihin lokacin da aiki ya ci, domin tsara zangon aiki a shagon ɗinki

Duk wanda ya taɓa riƙe shagon ɗinki ya san yadda goman ƙarshe na watan azumi take kasancewa. Shaddodi da yadudduka sun cika kanta, masu kaya suna ta sintiri, teloli suna kwana a kan keke, amma duk da haka ranar jajibirin Sallah sai an sami wanda zai koma gida da yadinsa ba a ko sa masa almakashi ba. Mutane sukan ɗora laifin a kan son kuɗin tela ko rashin cika alkawarinsa. A ganina, sau da yawa tushen matsalar lissafi ne. Maigidan shago ya karɓi aiki bisa lokacin da yake zaton ɗinki yana ci, ya raba wa yaransa aikin rana da na dare bisa wannan zato, alhali bai taɓa zama ya gwada zaton nasa da abin da agogo ya nuna ba. Wannan jagora tana bayyana yadda ake yin wannan gwaji, kuma na zaɓi shagon ɗinkin kayan maza ne domin misali, ko da yake mai gidan burodi ko mai injin casar shinkafa zai iya bin matakan ba tare da canji mai yawa ba. Abin da nake kira zango shi ne abin da ma'aikatan asibiti da na kamfani suke kira duti, wato adadin sa'o'in da rukuni ɗaya na ma'aikata yake yi kafin wani rukunin ya karɓe shi.

Yana da kyau a fara da sanin cewa kuskuren ƙiyasi yakan karkata gefe guda. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana tun a 1979 cewa mutum yakan rage lokacin da aikinsa zai ci ko da kuwa ya sha yin irin aikin ya ga ya daɗe. Dalilin a fili yake ga duk mai sana'a. Idan aka tambayi tela minti nawa kaftani da wando suke ci, abin da zai faɗo masa a rai shi ne ranar da komai ya tafi daidai: wuta ba ta ɗauke ba, zare bai tsinke ba, babu wanda ya shigo awo. Ba ƙarya yake yi ba, ya tuna rana mafi kyau ne ya ɗauke ta a matsayin kullum. Saboda haka maganin ba shi ne a ce masa ya ƙara tunani ba, maganin shi ne a rubuta.

Mataki na farko: a yanka aikin gida-gida

Kafin a auna komai, dole a san abin da ake aunawa. Idan aka rubuta "ɗinki" kawai a littafi, za a haɗa kaftani marar aiki da babbar riga da kayan yaro ɗan shekara biyar a layi ɗaya, kuma lissafin da zai fito ba zai yi wa kowa amfani ba. A raba kayan zuwa nau'i uku ko huɗu waɗanda suka fi yawa a shagon, sannan a raba kowane nau'i bisa hannun da yake bi: yanka, haɗawa a keke, aikin wuya, sai kuma maɓalli da guga. Kada a wuce haka. Wanda ya raba aiki gida ashirin zai gaji da rubutu tun kafin mako ya ƙare, kuma littafin da aka daina cikawa bai fi wanda ba a buɗe ba.

Wajibi ne kuma a yi ittifaƙi a kan inda kowane aiki yake farawa da inda yake ƙarewa. Haɗawa, alal misali, tana farawa ne lokacin da tela ya ɗauki yankakken yadi, tana ƙarewa lokacin da ya ajiye riga da wando a wurin mai guga. Idan wani yana ƙirgawa daga lokacin da ya zauna a keke, wani kuma daga lokacin da ya je neman zaren da ya dace, alƙalumansu ba za su gwadu da juna ba.

Mataki na biyu: a rubuta ƙiyasi kafin a taɓa aiki

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma idan aka tsallake shi sauran duk sun rushe. Ƙiyasin da aka rubuta bayan an gama aiki ba ƙiyasi ba ne, domin zuciya takan gyara abin da ta yi zato ya dace da abin da ya faru. A sami littafi mai layi, a ja gida shida a kowane shafi: kwanan wata da zango, irin aiki, mintin da aka ƙiyasta, lokacin farawa, lokacin gamawa, sai gida na ƙarshe mai faɗi na abin da ya tsayar da aiki da mintin da ya ci. Wanda zai yi aikin shi ne zai faɗi ƙiyasinsa, a rubuta da biro kafin ya ɗora yadi a keke. Agogon bango ɗaya za a riƙa dubawa, ba wayar kowa ba, kuma ya isa a rubuta lokaci zuwa minti biyar mafi kusa, tun da ba tseren gudu ake aunawa ba.

Gidan ƙarshen nan ya fi sauran daraja. Idan aka ɗauke wuta aka yi minti goma kafin a tayar da janareta, a rubuta. Idan mai kaya ya shigo aka tashi aka yi masa awo, a rubuta. Idan tela ya zauna yana jiran mai yanka, a rubuta. Daga baya za a cire waɗannan mintoci daga lokacin ɗinkin a tara su a wuri dabam, domin ciwo biyu ne da magani biyu. Ɗinkin da yake cin lokaci fiye da zato yana buƙatar gyaran ƙiyasi, zangon da tsaiko yake cinyewa kuwa yana buƙatar gyaran tsari, kuma wanda ya cakuɗa su zai yi ta matsa wa tela lamba a kan abin da ba a hannunsa yake ba.

A nan akwai magana da ya kamata maigida ya yi da yaransa tun ranar farko, a fili, kuma ya riƙe ta. Littafin ba na kama mai laifi ba ne, ba za a rage wa kowa kuɗi ba saboda abin da aka gani a ciki. Da zarar ma'aikata suka ji cewa littafin bulala ne, abu biyu za su faru: za su riƙa kumbura ƙiyasi domin kullum su gama kafin lokaci, ko kuma su riƙa rubuta lokacin gamawa daidai da ƙiyasi. Alamar haka ba ta ɓuya. Idan ka buɗe shafi ka ga an ƙiyasta minti 90 an kuma yi minti 90 cif sau bakwai a jere, to ba a kallon agogo ake rubutun ba, domin aikin hannu ba ya fitowa daidai haka.

Mataki na uku: a tara isasshe, sannan a nemo lambar tsakiya

Ba a yanke hukunci da ɗinki biyu ko uku. A bari sai kowane nau'in aiki ya sami aƙalla layi goma a littafi, abin da a shago mai ciniki ba zai wuce mako biyu ba. Ga mai shirin Sallah ƙarama, watan Sha'aban ne lokacin wannan awo, kafin kaya su yi yawa har a rasa mai riƙe biro.

Bari mu ɗauki misali na shago mai teloli huɗu masu haɗawa, mai yanka ɗaya, mai aikin wuya ɗaya da keken aiki guda, da ɗan koyo mai guga. Alƙaluman na misali ne, kowa zai sa nasa. An ƙiyasta cewa haɗa kaftani da wando yana cin minti 90. Bayan an cire mintocin tsaiko, ɗinki goma da aka auna sun ba da waɗannan mintoci, an jera su daga ƙarami zuwa babba: 100, 105, 110, 115, 120, 120, 125, 135, 150 da 210. Abu na farko da ido zai gani shi ne babu ko ɗaya da ya ƙare a cikin minti 90. Ko ɗinkin da ya fi sauri ya zarce ƙiyasin da minti goma.

Da yawa za su tara lambobin su raba gida goma, su sami 129. Ban ba da shawarar haka ba, saboda ɗinkin nan guda na minti 210 ya ja lissafin sama, kuma idan aka duba littafi za a iya tarar da cewa ranar an warware hannun riga ne aka sake ɗinkawa saboda kuskuren awo. Abin da ya fi aminci shi ne lambar da ta faɗo a tsakiyar jeri. Da yake lambobin goma ne, sai a ɗauki ta biyar da ta shida, dukansu 120 ne, don haka ainihin lokacin haɗawa a wannan shago minti 120 ne. Idan aka raba 120 da 90 za a sami 1.33, ma'ana duk abin da aka ƙiyasta a wannan nau'in aiki sai an ƙara masa kashi ɗaya cikin uku kafin ya zama gaskiya. Wanda yake ajiye lissafinsa a Excel ko Google Sheets, idan ƙiyasi yana gidan C, ainihin lokaci yana gidan D, zai iya rubuta:

```
=MEDIAN(D2:D11)
=MEDIAN(D2:D11)/C2
```

Kada a jefar da ɗinkin minti 210 ɗin don an ƙi sa shi a lissafin tsakiya. A karanta dalilinsa. Idan irin sa yana fitowa sau ɗaya a cikin kowane goma, to warwara ta zama wani ɓangare na aikin shagon, kuma gyaranta yana wurin awo da yanka. A kuma lura da lamba ta takwas a jeri, wato 135. Ɗinki takwas cikin goma sun ƙare a cikin wannan lokaci ko ƙasa da shi. Lambar tsakiya ita ce ta raba aiki a cikin shago, amma ta takwas ɗin ita ce ta yi wa mai kaya alkawari, domin alkawarin da aka gina a kan tsakiya zai riƙa karyewa kusan rabin lokaci.

Mataki na huɗu: a auna zangon kansa

Yanzu sai a koma ga mintocin tsaikon da aka ware. A shagon misalinmu zangon rana yana farawa ƙarfe 8 na safe ya ƙare ƙarfe 5 na yamma, wato minti 540. A cire awa ɗaya ta sallar azahar da la'asar da cin abinci, saura 480. Wannan hutu ba alfarma ba ce: dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi cewa wanda yake aikin awa shida ko fiye a rana a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, da kuma hutun kwana guda a kowane mako. Maigida yakan tsaya a 480 ɗin nan ya ɗauka duk na ɗinki ne. Amma da aka tara gidan ƙarshe na littafi aka raba da yawan kwanaki, sai aka ga kowane tela yana rasa kusan minti 105 a rana: kamar 25 wajen ɗaukewar wuta da tayar da inji, 30 wajen masu kaya da awo, 35 wajen jiran yankakken yadi, 15 kuma wajen allura da zare da gyaran keke. Abin da ya rage na ɗinki tsantsa minti 375 ne.

A nan ne girman giɓin yake bayyana, domin kuskuren biyu suna ninka juna. A lissafin maigida na da, 480 a raba da 90 ya ba da kaya biyar ga kowane tela, ashirin ke nan ga su huɗu a rana, ɗari huɗu a cikin kwana ashirin na aiki. A lissafin littafi kuwa, 375 a raba da 120 ya ba da kaya uku, goma sha biyu a rana, 240 a kwana ashirin. Idan aka yi amfani da lambar alkawari ta 135, abin ya sauko zuwa kusan goma sha ɗaya a rana, wato 220. Tsakanin 400 da 220 akwai kayan mutum 180, kuma su ne mutanen da ake gani a ƙofar shago daren Sallah ransu a ɓace. Babu telan da ya yi lalaci a cikin wannan lissafi, an dai sayar da sa'o'in da babu su ne.

Kafin a yi maganar ƙara zango, a duba wane tsaiko ne za a iya kashewa da araha. Jiran yanka ya fi kowanne girma, kuma maganinsa bai wuce mai yanka ya riƙa shigowa awa ɗaya kafin sauran ba, ko ya bar musu yankakken kaya tun yammacin jiya. Awo kuma ana iya ware masa lokaci da mutum guda, maimakon duk wanda mai kaya ya sani ya tashi daga keke. Sai dai kada a sa ribar wannan gyara a lissafi tun kafin a gan ta a littafi, in ba haka ba an koma gidan jiya, ana tsara aiki da fata.

Mataki na biyar: a gina zangon gaba a kan sabbin alƙaluma

A ce shagon yana son ya karɓi kaya 300 kafin Sallah. Zangon rana zai ɗauki 220, saura 80, kuma tambayar ita ce teloli nawa ake buƙata da dare. Kuskuren da aka saba yi shi ne a ɗauki lambar rana a ɗora wa dare. Zangon dare yana buƙatar nasa awon. Da dare masu kaya ba sa shigowa, don haka tsaiko yana raguwa, amma ido yana gajiya, haske ba kamar na rana ba ne, kuma ɗinki a kan baƙin yadi ko shuɗi mai duhu yana ƙara jinkiri. A ce zangon yana farawa ƙarfe 9 bayan asham ya ƙare ƙarfe 3, minti 360 ke nan, a cire rabin awa na tsaiko da wani rabin na hutu, saura 300, ko da yake idan za a cika awar hutu kamar yadda doka ta faɗa 270 ne za su rage. Idan littafi ya nuna haɗawa da dare tana cin minti 135 zuwa 140, to kowane tela kaya biyu zai fitar. Teloli biyu za su ba da huɗu a dare, tamanin a kwana ashirin, kuma giɓin ya cike.

Sharaɗin wannan lissafi shi ne telolin dare su kasance mutane dabam, ko kuma a yi karɓa-karɓa ta yadda wanda ya kwana a keke ba zai buɗe shago da safe ba. Na fi jaddada wannan a kan komai, saboda a nan ne littafi yake nuna abin da maigida ba ya son gani. Idan mutum ɗaya ya yi rana ya zarce dare, kwana biyu na farko kaya za su ƙaru, daga nan sai lambar safe ta fara hawa, daga 120 ta koma 140, layukan da aka rubuta "an warware" su yawaita. Abin da aka samu da dare ana biyan sa da safe, ga kuɗin man janareta a kai, ga kuma haɗarin allura a yatsan mai gyangyaɗi. Ko da ana biyan tela ne bisa yawan kayan da ya ɗinka, kuma shi da kansa yake neman ya zarce, wannan lissafin bai canja ba.

Sai kuma a duba hannun da ya fi ƙunci, domin yawan teloli ba ya amfani idan kaya suna taruwa a wuri guda. Rana da dare yanzu suna fitar da kaya goma sha biyar. A ce biyu cikin kowane uku suna buƙatar aikin wuya, goma ke nan a rana. Mai aikin ya ƙiyasta minti 25 ga kowace riga, littafi ya nuna 40, kuma 375 a raba da 40 tara ne da ɗan kai. Kowace rana riga ɗaya za ta kwana, a kwana ashirin an tara riguna ashirin da ba a yi wa aiki ba, kuma ba za a lura ba sai a makon ƙarshe lokacin da masu aikin wuya na waje su ma sun cika. Wanda ya ga wannan tun a Sha'aban yana da zaɓi: ya ƙara wa keken aikin awa guda da wani hannu, ko ya shirya da wani mai aikin wuya tun da wuri, ko ya ƙayyade yawan kaya masu aiki da zai karɓa. Haka za a bi mai yanka da mai guga, a tabbatar kowannensu zai iya ɗaukar goma sha biyar ɗin.

Kada a cika kwanakin har baki. Idan kwanakin aiki ashirin da biyu ne suka rage, a tsara ashirin, a bar biyun ƙarshe babu sabon ɗinki, domin gyaran wando da ya yi tsawo, da rigar da ta matse, da ranar da janareta zai ƙi tashi. Ga kuma watan da yake iya yin kwana 29 maimakon 30, don haka a yi lissafi da 29.

Mataki na shida: a sake gwadawa kowane mako

Alƙaluman Sha'aban ba za su zauna daram a cikin azumi ba. Babu cin abincin rana, amma bayan la'asar jiki yakan yi sanyi, wasu kuma suna tashi da wuri domin tafsiri ko shirin buɗa-baki. Saboda haka a ƙarshen makon farko maigida ya zauna da littafi na rabin awa, ya gwada abu biyu: kayan da aka tsara za su fita da waɗanda suka fita, sannan lambar tsakiya ta wannan mako da ta baya. Idan bambancin bai kai kashi goma cikin ɗari ba, a bar tsarin yadda yake, domin irin wannan hawa da sauka ba ya rasuwa. Idan ya wuce haka kuma ya maimaitu, a sake lissafin tun daga mintocin zango, a rage abin da ake karɓa ko a matsar da awannin aiki zuwa sanyin safiya. Mai kayan da aka gaya wa gaskiya ranar bakwai ga wata yana da lokacin kai yadinsa wani wuri, wanda aka gaya wa ranar ashirin da takwas kuwa ba shi da shi.

Akwai lokutan da tsohuwar lamba take mutuwa gaba ɗaya, kuma ya kamata a gane su. Idan aka sayi sabon keke, ko aka ɗauki sabon tela, ko aka shigo da wani salon ɗinki da yake yayi wanda hannu bai saba da shi ba, sai a buɗe sabon shafi a fara ƙirga goma daga farko. Kafin goman ta cika, a ɗauki ƙiyasin telan a ninka shi da 1.33 ɗin da shagon ya saba kuskurewa da shi, a yi aiki da wannan na wucin gadi. Lambar ɗan koyo kuma a ajiye ta dabam da ta ƙwararre, domin idan aka haɗa su za a ɗora wa ɗan koyo abin da ya fi ƙarfinsa, a bar ƙwararren yana jira. Bayan Sallah a rubuta shekara a bangon littafin a adana shi, domin kafin Babbar Sallah kwana kusan saba'in ne kawai, kuma da shafukansa za a tsara zangonta.